Shin Fama da French sun binne CAPM a 1992?

Hadiza: Wani ɗan ajinmu ya dage cewa CAPM, tsarin da ke cewa ribar hannun jari tana bin ma'aunin kasadarsa da ake kira beta, ya mutu tun 1992, wai babban beta ba ya kawo babbar riba. Haka ne, ko cika baki ne?

Bashir: Da gaskiyarsa. Masana tattalin arziki Fama da French sun bi hannayen jarin Amurka daga 1963 zuwa 1990, suka ga idan an cire tasirin girman kamfani, beta kusan ba ya bayyana komai game da riba. Me ya rage?

Usman: Ni shaida ne. Na sayi hannun jarin wani kamfani, kullum hawa da sauka, ƙarshe da asara na fita. Ina ladan kasadar?

Malam Sani: Usman, taka daban ce. Beta yana auna yadda hannun jari ke bin kasuwa gaba ɗaya ne. Kasadar da ta shafi kamfaninka kaɗai kuwa ba a biyan ladanta, tunda kana iya kauce mata da raba ƙafa. Kuma ribar da ake sa rai ake magana, ba wadda ta faɗo wa mutum ɗaya ba.

Bashir, ka ɗan yi sauri. Ga lissafin: `E(R) = Rf + β(E(Rm) − Rf)`. `E(R)` ita ce ribar da ake sa rai, `β` shi ne beta. A ce `Rf`, ribar da ba kasada, 4% ce, `E(Rm)`, ta kasuwa, 10%. Mai beta 0.5 zai ba da 7%, mai 1.5 kuma 13%, tazarar maki shida. Amma wannan ya ɗauka kowa na iya cin bashi a kan 4% iya son ransa. Wa ke ba ka bashi a farashin gwamnati? Tun 1972 Fischer Black ya cire wannan sharaɗi. Sai layin da ke haɗa beta da riba ya tashi daga ribar jarin da betansa sifili ne, a ce 7%. Yanzu na farko ya koma 8.5%, na biyu 11.5%. Tazarar ta dawo uku. Layin ya kwanta, bai ɓace ba.

Hadiza: Malam, me zai sa ya kwanta haka?

Malam Sani: Mai son riba da yawa da ba shi da halin bashi, sai ya ruga wa masu babban beta. Farashinsu ya tashi, ribarsu ta gaba ta ragu.

Bashir: Ranka ya daɗe, wannan ya bayyana layi mai ɗan kwanciya. Na Fama da French kuwa shimfiɗe yake. Kuma bai faɗi dalilin da ƙananan kamfanoni suka fi ba da riba ba.

Malam Sani: Nan kam ka kama ni. Sai dai masani Richard Roll ya ce tun 1977, kasuwar da CAPM ke nufi ta haɗa duk wata dukiya, har gidaje da filaye, mu kuwa da `S&P 500`, ma'aunin hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka, da ire-irensa muke gwaji. In gwajin ya faɗi, ma'aunin ne ko ka'idar?

Bashir: Ka'idar da ba a iya gwada ta, don me za a ɗora mana ita a jarrabawa?

Hadiza: To ni wane `Rf` zan sa a aikina, 4 ko 7?