Baƙin nan na silikon ɗin banɗaki ya ƙi fita, wa ya taɓa fama da shi?

Maman Biyu: Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Silikon ɗin da aka zagaye bakin baho da shi ya yi baƙi ɗigo-ɗigo, haka ma layukan tsakanin tayil ta wajen shawa. Na zuba bilic na goga da buroshi har hannuna ya sage, na tsakanin tayil ya ɗan yi haske amma na silikon ko gezau.

Uwargida: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, fumfuna ce, ni ma na sha fama. Matsalar zubawa kike yi ya gangare, ko minti ɗaya ba ya yi a wurin. Ni auduga na samu na murza ta doguwa kamar igiya, na jiƙa da bilic na manna a kan layin, na danna da bayan tsohon cokali ta kwanta sosai, sai na rufe da leda don kar ta bushe. Da daddare na sa, da safe na ɗaga na ɗauraye, wallahi fari tas sai wata kusurwa ɗaya da ta ƙi. Ki sa safar hannu ki bar taga a buɗe, kuma kar audugar ta kwana kan ƙarfen famfo, nawa sai da ya yi tabo.

Ɗan Autan Gida: Anti ki haɗa bilic ɗin da binega mana, ai zai fi ƙarfi.

Mai Aikin Tayil: A'a ƙanina, kul! Bilic da binega in sun haɗu iskar kulorin suke fitarwa, a ɗan ƙaramin banɗaki tana iya shaƙe mutum. Haka ma bilic yana fitar da iska mai guba in ya haɗu da ruwan wankin masai mai asid ko abin da ke da amoniya. Ɗaya za a yi, a ɗauraye sosai.

Hajiya wannan kusurwar da ta ƙi ita ce zancen. Silikon ba ya gogewa, buroshi mai ƙarfi ma ɗaga bakinsa yake ruwa ya samu hanya. In baƙin a sama yake auduga za ta cire shi, a kwana ɗaya ko a maimaita sau 2. In kuma an yi sau 2 yana nan kamar inuwa daga ciki, to ku danna wurin da farce. Ya ɗaga ko ruwa ya tsatso? A ƙarƙashi fumfunar take, bilic ba zai kai can ba ko jarka guda aka juye. Sai cirewa.

Maman Biyu: Malam yanzu na je na danna, ya ɗaga kusan tsawon yatsa, har da wani baƙin ruwa mai wari. Ba zan iya shafa sabo a kai ba kawai?

Mai Aikin Tayil: Sabon silikon ba ya kama tsoho da kyau, kuma kin binne fumfunar ne da ranta. A yanka da reza sama da ƙasa a zare shi duka, a kankare ragowar, a wanke ramin da bilic a ɗauraye, a bar shi ya bushe ƙarau ko da kwana guda ne. Sai a goge da sifirit a sa sabo, wanda aka rubuta na banɗaki ne mai maganin fumfuna. In bahon roba ne a cika shi da ruwa kafin a sa, don nauyi yana buɗa ramin, in an sa babu ruwa yana iya tsagewa. Awa 24 kar ruwa ya taɓa shi.

Baƙuwa: Ni nawa ja-ja ne mai santsi a ƙasan labulen shawa, shi ma haka zan yi?

Uwargida: Wannan ba ya shiga ciki, sabulu da soso ma ya isa, sai dai yana saurin dawowa.

Malamin Lissafi: Ni a layin tayil binega na yi ta fesawa wata da watanni, ya fita kam, amma yanzu in na goga sai in ga farin gari a yatsa, layin ya zurma. Ashe siminti ne, asid na cinsa. Na koma kwaɓa bekin soda da ruwa ya yi kauri, in shafa ya yi minti 15 in bi da tsohon buroshin haƙori. Kuma tunda muka fara share ruwan bango bayan wanka muna barin ƙofa a buɗe ya ragu sosai. Amma akwai layi 3 can ƙasa da kullum a jiƙe suke ko ba a yi wanka ba, sati biyu baƙin ya dawo.

Mai Aikin Tayil: Malam wannan ina zargin bututu na yoyo a bayan bango. Ƙwanƙwasa tayil ɗin ka ji ko yana ƙarar fanko.

Malamin Lissafi: Na ƙwanƙwasa, lafiya lau yake. Matata ta ce gangaren ƙasan ne bai yi ba, ruwa ke kwanciya a wurin. Bari mu daina wanka a nan kwana 3 mu gani ko zai bushe.