SYN na fita babu amsa: fayawol ce ta haɗiye ko sabar ce ta mutu?

Aminu: Salamu alaikum. Tun da aka ɗauke wuta jiya, sabar manhajarmu (10.20.1.15) ta kasa kaiwa ga PostgreSQL da ke 10.20.2.40. Na kunna tcpdump, ga abin da nake gani yana maimaituwa. Sabar ce ba ta tashi ba, ko toshe mu aka yi?

```
09:14:02 10.20.1.15.51820 > 10.20.2.40.5432: Flags [S]
09:14:03 10.20.1.15.51820 > 10.20.2.40.5432: Flags [S]
09:14:05 10.20.1.15.51820 > 10.20.2.40.5432: Flags [S]
09:14:09 10.20.1.15.51820 > 10.20.2.40.5432: Flags [S]
```

Bashir: Wa alaikumus salam. Fayawol ce, ba tantama. Da sabar na raye kuma PostgreSQL ɗin ne bai tashi ba, RST za ta dawo maka nan take, manhajar ta ce Connection refused. Da kuma ta mutu, rawuta za ta aiko maka da ICMP host unreachable. Ka ga babu ko ɗaya. Shiru irin wannan DROP ne kawai ke kawo shi.

Musa: Ni fa SYN masu yawa haka ba tare da amsa ba, hari nake zargi. Irin ambaliyar SYN ɗin nan ce da ake yi wa sabobi. Ka tabbata ba a shiga na'urarka ba?

Hadiza: Musa, dubi lambar da ke bayan adireshin Aminu: 51820 ce a duk layukan. Haɗi ɗaya ne ake ta sake gwadawa. Dubi lokutan kuma, tazarar daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, tana ninkuwa. Haka Linux ta daɗe tana yi in ta ji shiru. A saitin da aka saba sau shida take sake aikawa, ta haƙura bayan kusan daƙiƙa 127. Mai kai hari ba ya zama yana jira cikin ladabi haka.

Malam Bashir, maganarka ta RST daidai ce. Ta ICMP ɗin ce ban yarda da ita ba. Gaskiya ne rawutar ƙarshe, in ta yi cigiyar sabar da ARP ba ta samu amsa ba, tana iya aiko da host unreachable. Amma wa ya ce saƙon zai iso? Wasu rawutocin an kashe musu aika shi gaba ɗaya, wasu suna ƙayyade yawan da za su aika, sannan fayawol da ke tsakani na iya zubar da shi a hanya. In haka ta faru, matacciyar saba da mai rai da ke bayan DROP kamanninsu ɗaya sak daga inda Aminu yake tsaye. Kuma Aminu, da wane umarni ka kama fakitin?

Aminu: `tcpdump -ni eth0 tcp port 5432`

Hadiza: To ka gani. Da wannan matatar ko rawuta ta aiko da ICMP ba za ka gan shi ba, kai da kanka ka tace shi. Sake da wannan:

```
tcpdump -ni eth0 'host 10.20.2.40 or icmp'
```

Bashir: Hajiya, ba sai ya gani a tcpdump ba. Da ICMP ɗin ya iso, manhajar za ta ce No route to host. Aminu, me take cewa?

Aminu: Connection timed out. Na kuma sake kamawar kamar yadda Anti Hadiza ta ce, babu ICMP ko ɗaya. Na yi ping ma, shiru.

Hadiza: Wannan na ba ka, Malam Bashir, ICMP bai iso ba. Amma bai iso ba daban, ba a aika ba daban. Shi kuwa ping, in ya amsa ka san tana raye, in bai amsa ba ba ka san komai ba. Windows ma da fayawol ɗinta ta asali ba ta cika amsa ping ba alhali lafiyarta ƙalau.

Garba: Irin wannan ta taɓa samu na da na'urar ajiyar hoton kyamarori a wurin aikinmu. Na yi awa biyu ina zargin fayawol, ashe adaftar wutarta ce ta ƙone. Abin da ya fargar da ni shi ne ban ga SYN ko ɗaya na fita ba, sai `who-has` kawai ake ta maimaitawa, `ip neigh` kuma ya nuna FAILED. Aminu, duba naka, minti ɗaya ka gama.

Hadiza: Dabarar na da kyau, Garba, amma ta yi maka aiki ne saboda kai da na'urar kuna layi ɗaya. A nan ne ARP ke raba gardama, don kwamfuta ba ta iya aika SYN ga maƙwabciyarta sai ta san adireshin MAC ɗinta, kuma iptables ba ya taɓa ARP, ko an toshe komai za ta amsa cigiyar. Shi Aminu yana 10.20.1, sabar tana 10.20.2. Na'urarsa MAC ɗin rawuta kawai take nema, shi ya sa SYN ke fita ko sabar na raye ko a'a. Teburin ARP da ya kamata a duba na rawutar ne, ko na wata na'ura da ke 10.20.2.

Aminu: Akwai sabar ajiyar bayanai a 10.20.2.12, ina iya shiga. Na yi ping daga can, shiru, amma ga abin da `ip neigh` ya nuna: 10.20.2.40 ɗin REACHABLE.

Bashir: Alhamdu lillahi. Tana raye, fayawol ce. Me na ce tun farko?

Hadiza: Tana raye dai, wannan mun samu. Wace fayawol, ta kan sabar ko ta kan rawuta? Kuma akwai abu na uku da ba a ambata ba: SYN ya isa, sabar ta amsa, amsar ce ta ɓata. Na'urar da ta tashi bayan ɗauke wuta tana iya tashi babu hanyar fita daga layinta, in da hannu aka sa hanyar ba a adana ba. Sai an kama fakiti a kan sabar kanta. tcpdump yana ganin abin da ya shigo tun kafin iptables ya yanke masa hukunci, don haka in SYN bai bayyana can ba, a hanya aka tare shi. In ya bayyana kuma `[S.]` ya fita, matsalar hanyar dawowa ce. In ya bayyana babu abin da ya fita, sai a duba `ip route` da kuma ƙidayar `iptables -L INPUT -v -n`, a ga ko lambar DROP na hawa duk sanda ka gwada.

Aminu: Abokin aikina ya shiga ɗakin sabobin ya jona allo. SYN ɗina na isowa, babu abin da ke fita. `ip route` lafiya. INPUT tana kan policy DROP, ƙidayar na hawa, kuma babu dokar 5432 sam. Ashe wanda ya buɗe mana ita watannin baya da hannu ya sa, bai adana ba, da sabar ta sake tashi ta tafi. An mayar, an adana, manhajar ta haɗu. Na gode muku.

Bashir: Ai na faɗa.

Hadiza: Ka faɗa, amma da hujjar da ke hannunka a lokacin, da adaftar Garba ce ta ƙone ma haka za ka faɗa. Aminu, shawarata, tsakanin sabobinku na cikin gida ku sa REJECT a ƙarshen dokokin maimakon DROP. Da haka ne, da tun jiya manhajar ta ce Connection refused cikin ƙiftawar ido, ba ta tsaya jiran minti biyu ba.

Bashir: A nan kam ba na tare da ke. In ɓarawo ya samu shiga saba ɗaya, REJECT ya sauƙaƙa masa ƙirga sauran da nmap.

Garba: Wanda ya riga ya shigo layin ai ARP kawai zai yi ya ƙirga su, DROP ba ya ɓoye masa kowa.

Bashir: Na layinsa kawai zai gani. Na 10.20.2 fa, in yana 10.20.1?