Wace kalma za mu sa wa "yunifom kombajans"?

Hauwa: Malamai, ina rubuta wa ɗalibai bayanin dalilin da ya sa ake yi wa jerin a₀ + a₁x + a₂x² + … difaranshiyeshan da intigireshan gaɓa-gaɓa. Kombajans na ce "kusantowa". Yunifom ɗin ne ya tsaya mini. "Kusantowar bai ɗaya" ta yi?

Bala: Ta yi mana. Ai a cikin radiyos, wato iyakar nisan x daga sifili inda jerin yake kusantowa, duk x ɗin da aka ɗauka, da sauri ɗaya jerin yake kusantar amsarsa.

Malam Sani: Bala, a nan kalmar take yaudara. Ɗauki 1 + x + x² + …, amsarsa 1/(1−x), radiyos 1. In ka tsaya a x¹⁰, abin da ya rage shi ne x¹¹/(1−x). A x = 0.5 bai kai 0.001 ba. A x = 0.99 ya kusa 90. Ina sauri ɗaya? Abin da ake nufi shi ne a sami adadin gaɓoɓi N guda wanda daga shi kuskuren kowane x ya faɗi ƙasa da abin da aka gindaya. Ni "kusantowa mai wa'adi ɗaya" zan ce. Kuma a wannan jerin ba a samun wa'adin a duk cikin radiyos, sai an ja baya zuwa |x| ≤ r, da r ƙasa da R, wato radiyos ɗin.

Hauwa: Malam, in sai an ja baya, yaya dokar ta game ko'ina a ciki?

Malam Sani: Kowane x na ciki yana da r ɗin da ya rufe shi, Malama. Intigireshan ba wuya: kuskurensa ba ya wuce kuskuren jerin sau tsawon tazarar. Difaranshiyeshan ne ke neman ƙari, dole jerin n·aₙxⁿ⁻¹ shi ma ya sami wa'adinsa. Zaɓi s tsakanin r da R. Tunda jerin na asali yana kusantowa a s, |aₙ|sⁿ ba ya wuce wani M, don haka kowace sabuwar gaɓa ba ta wuce (M/s)·n·(r/s)ⁿ⁻¹ ba. Shi n a hankali yake hawa, (r/s)ⁿ kuwa zubewa yake yi, sai zubewar ta rinjayi hawan. Shi ya sa radiyos bai canja ba, kuma 1 + 2x + 3x² + … ya zama 1/(1−x)².

Ladi: Ni a jarrabawa na yi wa Σxⁿ/n² difaranshiyeshan, na sa x = 1, aka soke. Ashe ba laifina ba ne?

Malam Sani: Naki ne, Ladi. Bakin iyaka ba ciki ba ne. A x = 1 na asalin yana kusantowa, amma sabon ya koma 1 + 1/2 + 1/3 + …, wanda ba ya tsayawa.

Bala: Na yarda da lissafin, amma "mai wa'adi ɗaya" ta yi tsawo a allo. A bar "bai ɗaya", a yi wa ɗalibai bayani.

Hauwa: Zan sa ta Malam Sani a rubutun. Allon kuma, sai na ji wadda bakin ɗalibai ya ɗauka.