Saƙon godiya bayan intabiyu: in faɗi abin da na gani a masana'antar?

Mai Neman Shawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya Talata na je intabiyun aikin kula da injina a wata masana'antar shinkafa da ke Kano. Na daɗe ina nema, iyali sun ƙaru, kuɗin haya ya taso, yayana ne ma ya biya min kuɗin mota, shi ya sa ba na son in yi abin da zai ɓata. Bayan tambayoyi manaja ya zaga da ni cikin masana'antar, sannan muka ci abinci da mutanensa. Na ga abin burgewa: wajen ƙarfe biyu mai tashi daga aiki ya ja mai karɓarsa zuwa injin cire tsakuwa, ya ce ya saurari ƙarar wani boris, sannan suka rubuta a littafi. Amma na ga bel yana gudu ba murfi, kuma a wajen cin abinci wani ya yi ƙorafin ba a sayo kayan gyara da wuri. Ina son in aika godiya in ambaci duka. Ya dace? Ko na makara?

Hajiya Mai Ɗaukar Ma'aikata: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka makara ba, amma yau Alhamis, kada ka bari ta wuce. Gobe Juma'a rabin yini ne a wurin mutane da yawa, Litinin kuwa wataƙila an riga an zauna an tace sunaye. Ba ka faɗa mana ta wace hanya aka gayyace ka ba. Ta nan za ka mayar: in imel ne, ka amsa a kan wancan imel ɗin don sunanka da matsayin da kake nema su fito tare. Ka aika wa manajan da ya zaga da kai, ka sa wanda ya gayyace ka a CC.

A cikin abubuwa ukun nan ɗaya ne kawai zai shiga, shi ne miƙa aikin ƙarfe biyu. Dalili: a gabanka aka yi shi ba a ɓoye ba, ya shafi aikin da kake nema, kuma duk wanda ya karanta ba zai ji kunya ba. Layi biyar ko shida sun isa. Ga tsarinsa, ka mayar da shi harshen da aka yi maka intabiyu da shi:

"Yallaɓai, na gode da lokacin da ka ba ni ranar Talata, da zagayen masana'anta da kuma abincin rana. Abin da ya fi tsaya min shi ne yadda ake miƙa aiki: na ga ma'aikacin safe bai tafi ba sai da ya kai abokinsa gaban injin cire tsakuwa ya ji ƙarar boris da kunnensa, sannan aka rubuta. Irin wannan ne ke sa a canza boris kafin ya kama ya ci shaf. Bin jadawalin giris da duba zafin boris shi ne aikin da na fi ƙwarewa a kai, kuma zan so in yi shi tare da su. In akwai takardar da ake buƙata, a shirye nake. A isar min da godiya ga waɗanda muka ci abinci tare."

Ka lura ban sa "ma'aikatanku haziƙai ne masu haɗin kai" ba. Wannan ko wanda bai taka ƙofar ba zai iya rubuta shi.

Ɗan Sharaɗa: Ni fa ban ga amfanin duk wannan ba. Kamfanonin yanzu su kira mutum, ya ƙona kuɗin mota, ya wuni, ko "ba mu ɗauke ka ba" ba za su iya turowa ba. Su ne ya kamata su yi godiya. Wanda za a ɗauka an san shi tun kafin a buga talla.

Injiniya: Hajiya, na yarda da tsarinki amma ban da maganar bel. Mai kula da injina ake nema, ido ake saye. Bel ko fuli da ke gudu ba murfi yana fizgar hannun riga ya tafi da yatsu, ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya gani ya yi shiru, ni a wurina ya rage maki. Layi ɗaya ya isa: "na lura da wasu wurare da zan so mu tattauna ta fuskar kariya."

Hajiya Mai Ɗaukar Ma'aikata: Injiniya, ka duba inda takardar za ta je. Imel ba ya tsayawa wurin mutum ɗaya, ana tura shi sama tare da sauran takardun mai nema. Shugaba ya karanta cewa baƙo ya ga bel ba murfi, wa zai kira? Manajan da ya zaga da shi, wanda kuma shi ne zai ce a ɗauka ko a bari. Sannan bai san dalili ba, wataƙila an cire murfin ne da safen don ɗaure bel ɗin. Layin naka kuma ya fi muni, don ya nuna akwai laifi bai faɗi mene ne ba. Wurin maganar nan baki da baki ne, a zama na biyu, kuma da sigar tambaya. Ƙorafin kayan gyara kuwa ko da wasa kada ya taɓa. Mutum ya saki jiki a kan abinci ya faɗa, ku nawa ne a teburin? Nan take za a gane waye.

Malam Na Bompai: Ka saya wa manajan turare ko goro ka kai masa ofis, yaba kyauta tukuici. Ya fi rubutu tasiri.

Anti Akanta: Malam, ba kyauta ya tambaya ba. Kuma kafin a yanke hukunci duk abin da ya kai sunansa toshi, wasu wuraren ma doka ce manaja ya kai rahoto. Ƙarin da zan yi: kada ka rubuta adadin buhunan da suke fitarwa a rana, ko sunan dilan da ka gani a jikin allo, ko ka haɗa hoton da ka ɗauka a ciki. Ko da yabo kake nufi, za a ce bakinka ba ya riƙe sirrin kamfani. Sunayen ma'aikata kuma, in ba ka tabbatar da yadda ake rubuta su ba, ka ce "ma'aikacin safe" kamar yadda Hajiya ta yi. Ka kira Sani da Sabi'u, duk lurar da kake nunawa ta rushe.

Mai Neman Shawara: Na gode ƙwarai. Ta WhatsApp wata mata daga ofis ta gayyace ni, ba ni da imel ɗin manajan, lambarsa kawai ya ba ni. Amma gaskiya Hajiya maganar bel ɗin tana damuna. Mu da yawa ne aka kira, ina ganin ita ce za ta bambanta ni da saura. Kuma ba da mugun nufi zan faɗa ba.

Hajiya Mai Ɗaukar Ma'aikata: Tunda da hannunsa ya ba ka lambar, tura masa rubutu guda ɗaya a lokacin aiki, ka fara da cikakken sunanka da ranar da ka zo. Ban da saƙon murya, ban da kira a bayansa kana tambaya ko ya gani. Matar ofis ɗin ita ma layi biyu na godiya daban. Nufinka kuwa ba ya bin saƙo, rubutun kaɗai ake karantawa. Boris ɗin ya riga ya bambanta ka.

Injiniya: To ai yanzu hujjarki ta ragu Hajiya, tunda wayar manajan kai tsaye za ta shiga, ba shugaba a tsakani. In wani ya ji rauni kafin zama na biyun fa?

Mai Neman Shawara: Abin da nake gani ke nan. Na rubuta iri biyu, ɗaya da bel ɗaya babu. In na mayar da shi tambaya, na ce ko gyara ake yi wa injin a ranar, shi ma laifi ne?