Ribar kashi nawa jarina ya kawo a shekara?

Habibu: Jama'a barkanmu da warhaka, ina neman mai taimaka min da lissafi. Na buɗe asusun zuba jari ranar 1 ga Janairun 2023 da 100,000. Ranar 1 ga Yulin 2023 na ƙara 50,000, sai ranar 1 ga Afrilun 2024 na cire 30,000. Da na duba ranar 1 ga Janairun 2025, abin da ke ciki ya kai 145,000. Ribar kashi nawa cikin ɗari ke nan a shekara?

Sani M.: Ai wannan ba wuya ɗan'uwa. Haɗa abin da ke ciki da abin da ka cire, 175,000 ke nan. Debe 150,000 da ka zuba, riba 25,000. Raba ta da 150,000, ka sami kashi 16.7 a shekara biyu, wato wajen 8.3 a shekara. Shi ke nan.

Malama Rabi: Malam Sani, ribar 25,000 daidai ce, wajen rabawa ne aka sami matsala. Ka ɗauka kamar 150,000 ɗin gaba ɗaya sun shekara biyu a asusun, alhali 50,000 sun shigo ne bayan wata shida, 30,000 kuma sun fita saura wata tara a rufe lissafi. Kuɗin da ya yi aikin bai kai 150,000 ba, don haka ka rage wa Malam Habibu ribarsa.

Malam Habibu, ka auna kowane kuɗi da kwanakin da ya yi a ciki. Duka lokacin kwana 731 ne, domin 2024 tana da 29 ga Fabrairu. Kuɗin farko ya yi dukkansu, sai a ƙirga shi cikakke, 100,000. Ƙarin da ka yi kwana 550 ya yi, saboda haka 50,000 sau 550 a raba da 731, ya zama 37,620. Abin da ka cire kuma kwana 275 ba ya nan, 30,000 sau 275 a raba da 731, sai a debe 11,286. Matsakaicin jarin da ya zauna a asusun ya kama 126,334. Da shi za ka raba 25,000, ka sami kashi 19.8 na tsawon lokacin duka.

Kada ka raba 19.8 biyu ka ce 9.9, domin ribar shekarar farko ita ma tana haifar da tata a ta biyu. Ka buga `1.198^(365/731)-1`, zai ba ka kusan kashi 9.4. Wannan hanya sunanta Modified Dietz, kiyasi ce amma tana zuwa kusa sosai in kasuwa ba ta yi tsalle mai tsanani ba.

Danladi: Me ya kawo wannan wahalar duka? A Excel akwai IRR, mai fitar da kason riba. Na zuba alƙaluman guda huɗu ya ba ni 6.4.

Malama Rabi: Hanyar ka kama, amma ba IRR ake so a nan ba. Shi bai san kwanan wata ba, yana ɗauka tazarar da ke tsakanin kowane layi da na bayansa iri ɗaya ce. Layi huɗu tazara uku ke nan, sai ya raba maka ribar gida uku, alhali tazarar Malam Habibu wata shida ce, sai tara, sai tara. Wannan 6.4 ba ta shekara ba ce. XIRR ake amfani da shi, a jera haka:

```
A           B
2023-01-01  -100000
2023-07-01  -50000
2024-04-01  30000
2025-01-01  145000
=XIRR(B1:B4, A1:A4)
```

Daga aljihunka ake kallon alamar. Abin da ya fita daga hannunka ya shiga asusu da alamar debewa, abin da ya dawo maka babu ita. Layin ƙarshe kuwa ana rubuta shi kamar a ranar ka sayar da komai ka karɓi kuɗinka, ko da ba ka sayar ba. Amsa za ta fito kusan 9.45.

In ba ka yarda da na'ura ba, gwada da kanka. Tambayar da XIRR ke amsawa ita ce: wane kaso ɗaya ne, da kowane kuɗi ya riƙa girma da shi tun ranar da ya shigo, zai kai mu 145,000? Da kashi 9, kuɗin farko ya zama kusan 118,840, na biyu 56,930, a debe 32,010 na wanda aka cire da girman da zai yi da ya zauna, saura 143,760. Bai kai ba. Da kashi 10 kuma ana samun kusan 146,520, ya wuce. To amsa tana tsakani, ta ɗan gaza rabi.

Habibu: Na gode Malama. Na gwada amma `#VALUE!` yake nuna min. Sannan ribar hannun jarin da kamfanoni suke rabawa fa, in saka ta a jerin?

Malama Rabi: Galibi kwanan watan ne Excel ya ɗauka a matsayin rubutu. Sake shigar da kowannensu da irin wannan tsari, `=DATE(2023,7,1)`. Da `#NUM!` ka gani, sai in ce ka duba alamomin, domin dole a sami aƙalla guda mai alamar debewa da guda marar ita. Ribar da aka raba kuwa, in ta zauna a asusun ko an sake sayen hannun jari da ita, kada ka saka, tana cikin 145,000 ɗin, sakawa ƙirga ta sau biyu ne. In an turo maka ita ka karɓa a hannu, to cirewa ce, sai ta sami layinta da ranarta.

Hajiya Asabe: Ni tawa daban ce. Kamfanin da ke juya min kuɗi ya rubuto cewa asusunsu ya yi riba mai kyau, ni kuma da na lissafa da wannan XIRR ɗin sai na ga ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Anya ba ƙarya suke yi ba?

Injiniya Bala: Ba lallai ƙarya ba ce Hajiya, abu biyu ake aunawa. Su suna auna yadda jarin kansa ya tashi, ba ruwansu da ranar da kika ƙara ko kika cire. A ce an zuba 1,000 ya ninka a shekarar farko ya zama 2,000. Mai shi ya ji daɗi ya ƙara 10,000, sai kasuwa ta faɗi da kashi 20, aka tashi da 9,600. A lissafin kamfani 2 sau 0.8 ne, 1.6, wato wajen kashi 26.5 a shekara. Shi kuwa ya zuba 11,000 ya tashi da 9,600, XIRR zai nuna masa faɗuwar kusan kashi 11.8 a shekara, saboda yawancin kuɗinsa shekarar faɗuwa kawai ya tarar. Ni shi ya sa nake ganin in Habibu yana so ya san ko ya iya zaɓen hannun jari, ba XIRR ne ma'auninsa ba.

Malama Rabi: Haka ne Injiniya, sai dai naka lissafin yana bukatar darajar asusun a ranar 1 ga Yuli da ranar 1 ga Afrilu, daf da shigar kuɗi ko fitarsa, shi kuma bai ba mu ba. Kuma abin da ya tambaya kuɗinsa ne.

Injiniya Bala: Amma gobe zai ɗauki 9.45 ya kwatanta da abin da wani asusu ya wallafa, ya ce ya fi su ko sun fi shi. Malam Habibu, in takardun bayanin asusunka suna nuna darajar waɗannan ranakun biyu, turo mu fitar da ɗayan ma.

Habibu: XIRR ya fito 9.45 yanzu. Na ƙarshen wata kawai nake da su, 30 ga Yuni da 31 ga Maris. Za su yi?

Injiniya Bala: Za su yi mana, tunda washegarinsu ka yi hada-hadar. Turo.