Wuta ta ci shagona, mai kimanta ɓarna ya zabge kashi 40

Mai shago, Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa. Wuta ta ci mini firji 20 sababbi a kwali, na saye su jikka 150 kowane, sai janareta da kantoci na miliyan 1. Wanda kamfanin inshora ya turo ya cire kashi 40 a kan komai, wai tsufa. Miliyan 2 da jikka 400 suke so in sa hannu. In karɓa?

Hajiya mai atamfa: Allah ya mayar da alheri. Kada ka sa hannu! Kuɗin da kake sayarwa za su biya ka, har da ribarka.

Tsohon ma'aikacin inshora, Yamai: Hajiya, batun sa hannu kin yi daidai, amma ban da riba. Aya ta 31 ta kundin dokokin inshora na CIMA, wanda Nijar ke aiki da shi, ta hana diyya ta wuce darajar kaya a ranar da ɓarna ta auku.

Alhaji, a kan wannan ayar za ka tsaya. Janareta ya yi aiki, ya ci shekaru, cire masa kuɗin tsufa ba zalunci ba ne. Amma firjin da ke kwali me ya tsufar da shi? Hajar sayarwa yawanci da kuɗin sayenta ake kimanta ta, har da kuɗin mota da na duwan. Duba kwantiraginka, shafin da ya faɗi yadda ake ƙiyasta ɓarna, don shi ne alƙali.

Ka raba lissafin biyu. Firji miliyan 3 cif. Janareta da kantoci, ko ka bar masa kashi 40 ɗinsa, jikka 600. Miliyan 3 da jikka 600 ke nan, kafin a ƙara kuɗin mota. Ka rubuta wa kamfanin, ka nemi rahoton mai kimantawar, ya nuna dalilin ragin kowane kaya daban. In sun cije, ɗauki naka mai kimantawa. Galibin kwantiragi sun tanadi na uku in biyun sun saɓa, a raba kuɗinsa.

Direba: Ni da aka buge mini mota, sai da na yi ta sintiri kafin su biya. Ka dame su kawai.

Mai shago: Na gode Baba. Sai dai takardun sayen sun ƙone, kuma firji 6 sun fi shekara 2 a ajiye.

Tsohon ma'aikacin inshora: Nemi kwafi wurin dilanka, haɗa da takardun duwan. Shidan nan kam zai yi gardama, zai ce yayinsu ya wuce, wataƙila ka sassauta. Miliyan nawa ka sa shagon a inshora? In kayan sun fi haka, aya ta 35 za ta sake rage maka.

Mai shago: Bari in ɗauko kwantiragin, yana gida.