Fanel na 415 V a kan janareta: takardar gargaɗi ɗaya ta wadatar?

Habu: Salam. Babban fanel ne na 415 V a wata masana'anta a Kudenda, taransifoma 1000 kVA, janareta 500 kVA. Na ce a yi lissafin fashewar tartsatsi a kan taransifoma kawai a buga takardar gargaɗi, tunda ƙarfin janareta bai kai nasa ba, haɗarinsa ma ba zai kai ba. Abokin aikina ya ƙi. Wa ke da gaskiya?

Danladi: Kai ne mai gaskiya, Malam Habu. Taransifoman zai zuba amfiya 1391 a cikakken lodi. In an rubuta impidans 5% a farantinsa, wato turjiyar cikinsa da ke rage wutar haɗuwar layuka, raba 1391 da 0.05, ka sami kusan 27.8 kA in layuka suka haɗu. Janaretan kuwa amfiya 696 ne, in ka ɗauki 15% bai wuce 4.6 kA ba. Ninki shida ke tsakaninsu. Wanda ya shirya wa babba ai ya gama da ƙarami.

Injiniya Sani: Alkalumanka daidai suke, Danladi, amma ba su ne ke ƙona mutum ba. Zafin da zai sauka a fuska da ƙirji ya dogara ne da ƙarfin wutar da ke bi ta tartsatsin, da tsawon lokacin da bireka ta bar ta tana ci, da nisan mutum. Lokacin ne kuka bari a baya. Malam Habu, me aka saita a kan birekokin biyu?

Habu: Babbar 1600 A ce, Isd a kan 5, wato sai wuta ta kai ninki biyar na amfiyarta take farkawa da sauri, lokacinta sakan 0.3 har ta buɗe. Ta janareta 800 A, ita ma Isd a kan 5.

Injiniya Sani: To mu bi shi sannu a hankali. Zan yi amfani da lissafin IEEE 1584 na 2002 don shi ne ake iya yi da kalkuleta. Na 2018 ne ya maye gurbinsa, da shi za a yi na ƙarshe kafin a buga komai. Na ɗauki tazarar 32 mm tsakanin sandunan tagulla, cikin akwati, da nisan aiki 610 mm.

Wutar da ke bi ta tartsatsi ba ta kai wadda ke bi in ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, domin tartsatsin kansa yana cin wani kaso na 415 V ɗin. Daga 27.8 kA lissafi ya ba da kusan 12.9 kA. Babbar bireka tana farkawa a 8000 A, saboda haka za ta gani, ta yanke a sakan 0.3. Ko an rage zuwa kashi 85 cikin ɗari kamar yadda tsarin 2002 ya ce a gwada, 11 kA ne, har yanzu tana gani. A wannan ƙarfi zafin yana taruwa kusan kalori 27.7 a kowane murabba'in santimita cikin sakan ɗaya, don haka sakan 0.3 ya ba da 8.3 cal/cm².

Yanzu janareta. Daga 4.6 kA, abin da ke bi ta tartsatsi kusan 3.1 kA ne. Birekarsa sai 4000 A take farkawa da sauri. Ba za ta ga fashewa ba, lodi ne ya yi yawa a ganinta, za ta jira sakanni masu yawa. Zafin yana taruwa a hankali, kusan kalori 5.9 a sakan, amma babu mai tsayar da shi. In muka tsaya a sakan 2 da ake ɗauka mutum zai iya ja da baya, 11.8 cal/cm² ke nan. Ƙaramin ya wuce babban.

Danladi: Injiniya, ka yi wa janareta lissafin taransifoma. Ba ya riƙe 4.6 kA na sakan 2. Cikin ɗan lokaci kaɗan yake sauka. Mai PMG, wato ƙaramin janaretan maganaɗisu da ke riƙe masa ƙarfi, yakan tsaya wajen ninki uku na lodinsa, kusan 2.1 kA. Wanda ba shi da shi kuwa wutarsa faɗuwa take yi, tartsatsin ma ya mutu da kansa.

Injiniya Sani: Wannan gaskiya ne, 11.8 iyakar sama ce a sakan 2. Mai manhajar da ke bin saukar ƙarfin janareta zai sami ƙasa da haka. Amma saukar nan tana ƙara nesanta wutar daga inda bireka za ta ganta. Kuma sakan 2 zato ne, ba alkawari ba. Wanda ya durƙusa kansa a cikin fanel, ko wanda bango ke bayansa kamu biyu, ba zai fita a sakan 2 ba. A irin wannan ɗaki ban yarda a yanke lissafi a 2 ba. Ban kuma yarda a jingina fuskar mutum da cewa tartsatsi zai mutu da kansa ba.

Yakubu: Oga, ni ban gane ba. Mu muna sa safar hannu ta roba mai ɗaukar 1000 V, muna tsayawa a kan tabarmar roba. 415 ai bai kai rabinta ba.

Hajiya Rakiya: Yakubu, haɗari biyu ne daban. Roba tana hana wuta ta ja ka. Wannan kuwa zafi ne da narkakkiyar tagulla da ke fitowa ko ba ka taɓa komai ba, tabarma ba ta tare su. Iyakokinsu ma daban ne. Don jan wuta a 415 V, NFPA 70E ya sa kusan mita ɗaya ga wanda ba ma'aikacin lantarki ba, da santimita 30 inda dole sai da safa da kayan aiki masu rufi. Iyakar tartsatsi kuwa ita ce inda zafi ya sauka zuwa 1.2 cal/cm², inda ake ɗauka fata za ta fara yin bororo. Injiniya, nawa ta zo a nan?

Injiniya Sani: Ga yadda ake juya shi, a fanel irin wannan, E kalorin da aka samu a 610 mm, D kuma nisan iyakar:

```
D = 610 × (E / 1.2)^(1/1.473)   mm
```

Da 8.3 ta zo kusan mita 2.3. Da 11.8 kusan mita 2.9. A shata layi a ƙasa da fenti, wanda ba ya sanye da kayan kariya kada ya tsallake shi muddin ƙofa na buɗe kuma wuta na ciki. Mai riƙe tocila ma yana cikin lissafi.

Hajiya Rakiya: A kan takardar kuma, abin da NFPA 70E ke nema shi ne ƙarfin wutar, 415 V, da iyakar tartsatsi, sai aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan: kalori tare da nisan da aka lissafa shi, ko rukunin tufafi na teburinsa, ko mafi ƙarancin ƙarfin tufafin da za a sa, ko matakin kariya da wurin ya tsara wa kansa. Kada a haɗa kalori da rukunin tufafi na tebur a takarda ɗaya, hanyoyi biyu ne daban. Kalori babu nisa kuma rabin magana ne. A ƙara kwanan wata, domin ana sake duba lissafin duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka canja taransifoma, janareta ko saitin bireka.

Abin da ya fi damuna shi ne 610 mm ɗin. Ku duba fanel ɗin ido da ido. In mai gyara yana miƙa hannu ya auna a kan sanduna, ƙirjinsa bai wuce 457 mm ba. A wannan nisa, da lissafin nan, zafi yana ƙaruwa da rabi: 8.3 ya zama 12.7, 11.8 ya zama 18. Bambancin ba na takarda kaɗai ba ne. Zuwa kalori 12 ana iya sa riga da wando masu jure tartsatsi, da garkuwar fuska da hular da ke rufe kai da wuya. Sama da 12 sai cikakken rufin kai. Hannu kuma ya fi ƙirji kusa, a 300 mm zafin ya kusa ninki uku na wanda ke 610 mm. Kada a sa rigar leda a ciki, narkewa take yi ta manne da fata. Auduga zalla.

Habu: To in buga takarda biyu, ta nefa da ta janareta?

Danladi: Haka ya dace. A zafin Maris ka ce mutum ya sa kayan kalori 18 a ɗakin fanel alhali nefa ce ke ciki, ajiye su zai yi ya yi aiki da singileti.

Hajiya Rakiya: Ban yarda ba. Ana ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, makunnin sauyi ya mayar da fanel kan janareta da kansa, shi bai canja riga ba. Takarda ɗaya, adadi mafi muni.

Injiniya Sani: Ina tare da Hajiya, amma kafin a buga kowace takarda a gyara abin da ya kawo adadin. In aka sauke Isd na birekar janareta zuwa 2.5, wato 2000 A, da jinkirin sakan 0.1, za ta ga 3.1 kA tun kafin ya sauka, zafin ya koma ƙasa da kalori ɗaya. A ɓangaren taransifoma, yawancin manyan bireka na yanzu ana iya sa musu makunnin lokacin gyara da ke cire jinkiri. A sakan 0.05, 8.3 ya koma kusan 1.4. A tuna a mayar da shi bayan aiki, in ba haka ba ƙaramin laifi a reshe ɗaya zai kashe masana'anta gaba ɗaya.

Akasin haka ma yana faruwa. In wani ya gaji da faɗuwar babbar bireka ya murɗa Isd zuwa 8, ta koma 12,800 A. Tartsatsin 11 kA zai wuce ta ƙarƙashinta, a sakan 2 ya tara kusan kalori 46. Takardar da ke ƙofa na cewa 8.3. Shi ya sa ake rubuta saitin da aka yi lissafi da shi, a rufe murfin da hatimi.

Habu: Muna da injin nika mai 110 kW da ke tashi kai tsaye. In na sauke zuwa 2000 A ba zai jefar da janareta ba?

Danladi: Yana cin wajen amfiya 195, a tashi ninki shida zuwa bakwai, kusan 1300, a kan sauran lodin da ke ciki. Zai kusanto, sai an auna.

Injiniya Sani: A auna da mita mai riƙe adadi mafi girma, lodi na ciki. Akwai kuma wuri ɗaya da babu wanda ya ambata: bakin shigar babbar bireka, inda kebul ɗin taransifoma ke sauka. Ita ba ta kare nan, sai fis ko rile na ɓangaren 11 kV. 12.9 kA a wannan gefe amfiya 487 ne kacal a can, a kan taransifoman da lodinsa 52 ne. Sai an karanta lokacin narkewar fis ɗin a jadawalinsa. In kuwa an ɗaura waya a madadin fis, babu jadawalin karantawa. In babu shinge na ƙarfe tsakanin wannan ɓangare da sauran fanel, tartsatsi yana iya tsallakawa, dole a lissafa fanel ɗin duka da kariyar 11 kV, 8.3 ɗin nan ya tashi daga aiki. Malam Habu, a kashe daga sama, a gwada babu wuta, ka duba ko akwai shingen, ka kuma kawo mana lambar fis ɗin.

Habu: Ranar Lahadi ake tsayar da injuna. Zan kawo, da hoton farantin janareta don a ga ko mai PMG ne.